Babi na 9 ya koma wa'azi: yaya zan sa riƙon amana ya fito daga cikin labarin da kansa?

Sabon_Alƙalami: Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina neman shawara kan wani labari mai babi 12 da nake gyarawa, jigonsa riƙon amana. Tauraron direba ne, shekararsa 11 yana tuƙa wani ɗan kasuwa. Kasuwancin ya karye, an yi wata huɗu ba albashi, ga 'yar direban ba ta da lafiya. Sai tsohon abokin cinikin maigidan ya yi masa tayin aiki da ninkin albashi, da sharaɗin ya faɗi inda maigidan ya kai ragowar kaya ya ɓoye. A babi na 9 mahaifin direban ya zaunar da shi ya yi masa nasiha kan amana har shafi uku, sai ya ƙi tayin. A babi na 12 arziki ya dawo, maigidan ya ba shi gida. Mutum uku sun karanta, dukkansu sun ce sun tsallake babi na 9. To amma idan na cire shi, ina saƙon zai fito?

Jan_Biro: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa komai, ɗan'uwa, yi gwaji biyu. Na farko, ɗauke shafukan nan uku ka ajiye a gefe, ka karanta babi na 8 ka zarce na 10. Idan labarin ya tafi sumul ba inda ya yi ɗingishi, to nasihar ba ta ɗauke da komai. Idan kuwa ka ga an rasa dalilin da ya sa direban ya ƙi tayin, matsalar ta fi haka girma, domin ke nan babi takwas ɗin farko ba su gina mutumin da zai iya ƙi ba, ka bar wa tsoho aikin ya yi da baki.

Na biyu, danna Ctrl+F ka nemi "amana" a rubutun gaba ɗaya. Ka ƙirga sau nawa ta fito, sannan ka rubuta a bakin wa. Wadda ke bakin mai ba da labari da wadda ke bakin dattijon da ba ya kuskure, su ne kai marubuci ka leƙo da kanka. Dawo ka gaya mana abin da ka samu.

Sabon_Alƙalami: Malam, na ƙirga. Sau 47. Guda 19 a babi na 9 kaɗai, 16 a bakin mai ba da labari, sauran a warwatse. Gwajin farko kuma, gaskiya an rasa dalilin.

Jan_Biro: To aikin yana babi na 1 zuwa na 8 ke nan, ba a na 9 ba. Mai karatu ba ya yarda mutum yana da hali sai ya gan shi a tsaye tsakanin hanyoyi biyu ya ɗauki ɗaya. Wannan tsohuwar magana ce, tun Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya ce zaɓi ne ke bayyana halin tauraro. Kuma zaɓin sai ya cika sharaɗi: hanyar cin amanar ta kasance a buɗe da gaske, riƙewar ta ci masa wani abu da muka riga muka san darajarsa a wurinsa, kuma ya san abin da zai rasa tun kafin ya zaɓa. Idan ɗaya ta faɗi, ba a gwada shi ba. Direban da bai saci mota ba saboda an kulle ƙofar gida, ba mu san komai a kansa ba tukuna.

Ga yadda zan jera idan ni ne. A babi na 2 ka sa ƙaramin abu: ya je shan mai, mai zuba man ya ce zai rubuta masa lita 45 a rasit alhali 38 ya zuba, su raba bambancin. Direban ya ce a rubuta 38, ya ciro wani ɗan littafi daga aljihun mota ya rubuta kwanan wata da lita da inda aka je. Layi goma sun isa, kada kowa ya yabe shi. A babi na 5 ko na 6, albashi ya tsaya, sauran ma'aikata suna ta zamewa, matarsa ta ajiye masa takardar magani a gabansa, amma da asuba ya tafi ya wanke motar da ba ta da inda za ta. A babi na 10 sai babban: abin da abokin cinikin yake nema shi ne littafin nan, domin a ciki aka rubuta ranar da aka kai kayan da wurin da aka kai su. Ka ga gaskiyar da ya riƙe tun babi na 2 ita ce ta zama makamin da za a sari maigidansa da shi. Kowane gwaji ya fi na baya tsada, kuma masu ganinsa suna raguwa.

Ɗan_Shafi: Magana ɗaya ce ai: nuna, kada ka faɗa. Duk inda ka ga kana bayani, goge. Mai ba da labari ba ya da ikon cewa komai game da halin mutum. Shi ke nan.

Uwar_Babi: Ɗan_Shafi, rabin gaskiya ka faɗa. Idan ya nuna komai, shekara 11 ta aikin direban za ta cinye masa littafi uku. Taƙaitawa tana da wurinta. Babu laifi ya rubuta cewa a shekara 11 sau biyu kawai direban ya makara, kuma duk biyun ranar haihuwar 'ya'yansa ne. Wannan faɗa ne, ba nunawa ba, amma abin da ya faru aka faɗa. Wanda ke kashe labari shi ne faɗin hukunci: "ya kasance mutum mai tsananin amana wanda samun irinsa sai an tona". Na farko ya ba mai karatu shaida ya yanke hukunci da kansa, na biyu ya yanke masa ya miƙa.

Mai_Faɗakarwa: Ni fa ban gamsu ba. Me ya sa muke rubutu in ba don a gyara hali ba? Mai karatu ba ɗaya ba ne. Wani zai karanta yadda Jan_Biro ya tsara ya ce direban nan wawa ne, ya bar 'yarsa a kwance saboda wanda ya hana shi haƙƙinsa. Ka ga an fita da kishiyar darasin. Nasihar uba ita ce ke rufe wannan ƙofar.

Jan_Biro: Malam, damuwarka tana kan hanya, amma maganin da ka kawo ba ya warkar da ita. Wanda ya ga direban a matsayin wawa bayan ya ga abin da ya yi, shafi uku na nasiha ba za su juya shi ba, tsallakewa zai yi kamar mutum ukun nan. Abin da ke juya shi shi ne a saka wannan ƙorafin nasa a cikin labarin, a bakin wanda ke da haƙƙin yinsa. Matar direban ce ya kamata ta ce masa wauta yake yi, kuma a ba ta hujja mai ƙarfi, kada a mai da ita muguwa mai son abin duniya. Ita ce ke kwana da yarinya a asibiti. Idan mai karatu ya ji an faɗi abin da ke ransa, sannan ya ga direban ya ji, ya kasa amsawa, amma ya yi abin da ya yi, sai ya fara tambayar kansa me mutumin nan yake karewa. Wannan tambayar ita ce jigon yana aiki.

Mai_Faɗakarwa: Idan kuma ya tambayi kansa ya ba kansa amsar banza fa?

Makaranciya: Baba, ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake yi, amma bari in ce wani abu. Wanda aka ɗora masa amsa yana mantawa kafin ya rufe littafin. Kuma ko tatsuniya, ai da an gama sai a ce ƙurunƙus, ba a tsayawa a yi wa yara sharhi kan haɗamar Gizo, amma ba yaron da bai gane ba.

Tawada_Baƙa: Wato yanzu an hana taurari magana ke nan? To ni littafina kashi biyu cikin uku hira ce. Sai in jefar?

Uwar_Babi: A'a ƙanena, ba wanda ya hana hira. Bambancin shi ne wa ake yi wa maganar. A wa'azi, tauraro yana kallon wanda ke gabansa amma da mai karatu yake. Alamominsa a fili suke: mutum ɗaya ya yi magana fiye da rabin shafi ba a katse shi ba, maganar ta bar sunayen mutanen labarin ta koma "ɗan Adam" da "mutanen yanzu", mai sauraro ba ya yin komai sai sunkuyar da kai, a ƙarshe ya ce "gaskiya ne". Kuma za ka iya ɗauke jawabin ka dasa shi a wani littafi dabam ba tare da ka canza kalma ba. A hira ta gaske kuwa mai magana yana son wani abu daga wanda yake yi wa, kuma yana iya rasa shi.

Saboda haka ni ba zan ce Sabon_Alƙalami ya kori mahaifin ba. Ya bar shi, amma ya ba shi buƙata da tabo. A ce shi ma tsohon ya taɓa yi wa wani aiki shekaru, aka sallame shi hannu rabbana, har yau bai huce ba. Sai zaman ya koma kamar haka:

Tsohon ya juya littafin a hannunsa bai buɗe ba. "Nawa suka ce za su ba ka?" Ya faɗa masa. Tsohon ya daɗe bai ce komai ba. "Ni da na riƙe nawa, ka ga abin da na fito da shi," ya nuna ɗakin da haɓarsa. "To in kai musu?" "Ban ce ba." Ya miƙa masa littafin, amma da ɗan ya kama, sai da ya ja kafin tsohon ya saki.

Layi shida ne a maimakon shafi uku, kalmar nan ba ta fito ko sau ɗaya ba, kuma an bar direban da nauyinsa.

Sabon_Alƙalami: Anti, wannan ya shige ni. Amma ban gane ba, tsohon yana so ya kai ko ba ya so?

Uwar_Babi: Bakinsa yana cewa amana ba ta biya shi ba, hannunsa yana riƙe littafin. Duka biyun gaskiya ne a wurinsa. Idan kana so ya karkata gefe guda, ƙara abu ɗaya a babi na gaba, kada ka ƙara bayani a nan.

Zubi_da_Tsari: Ina so in koma kan ƙirgen 47 ɗin nan. Ba sai ta koma sifili ba. Ka bar kamar biyar ko shida, amma ka zaɓi bakin da za ka sa su. Wurin da ta fi aiki shi ne bakin wanda ba ya riƙe ta. Abokin cinikin ya ce wa direban, "Ni mutum mai amana nake nema, shi ya sa na zo wurinka," alhali cin amana ya zo saye. Ko maigidan ya riƙa cewa "amana ce tsakaninmu" duk ranar da ya kamata ya biya albashi. Mai karatu zai ji tazarar da ke tsakanin furucin da aikin, ba sai an nuna masa ba. Direban kuwa kada ya furta ta ko sau ɗaya. Idan matarsa ta matsa masa, ya ce "motar tana buƙatar canjin baƙin mai," ya fita.

Sai kuma a samu wani a gefensa da aka yi wa tayi iri ɗaya ya karɓa, misali magatakardan ofis. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a hukunta shi nan take, ya yi hatsari ko ya haukace. Kada ka yi. Bar shi ya samu sabon aikin, ya yi ƙiba, ya ma zo duba 'yar direban da kyautarsa a hannu. Idan cin amana ba ya biya ko kaɗan a duniyar labarinka, to riƙe ta lissafi ne kawai, kowane mai wayo zai yi.

Mai_Faɗakarwa: To ka ji! Maci amana ya yi ƙiba, mai riƙewa ya rame. Wannan ne za mu ba matasa su karanta?

Zubi_da_Tsari: Malam, ban ce a bar shi ba tabo ba. A nuna abin da ya rasa, amma ya zama ya fito daga aikin nasa, ba daga sama ba. Sabon maigidansa ba ya barin makullin ma'aji a hannunsa, domin ya san yadda ya same shi. Fitowa ɗaya, a gaban mutane, a ce masa "bari yaro ya riƙe makullin". Wannan sakamako ne da dalili ya haifa. Hatsarin mota kuwa hannun marubuci ne, kowa yana ganinsa.

Jan_Biro: Wannan ya kawo mu kan gidan da aka bayar a babi na 12, wanda a ganina ya fi babi na 9 ɓarna. Wa'azi ne shi ma, sai dai da bulo aka yi shi. Da zarar an ba shi gida, abin da littafin ya ce shi ne: yi haƙuri, riba tana tafe. Duk wahalar babi na 6 da na 10 ta koma jari. Kuma arzikin maigidan ya dawo ne ba ta dalilin komai da direban ya yi ba, ka sauko da shi ne don ka samu abin biyan lada.

Makaranciya: A nan kam ban bi ka ba, Malam. Na bi mutum babi 12 yana shan wuya, sannan a sallame ni ba komai? Zan ji an cuce ni. Ba gida nake nema ba, amma a ba ni wani abu.

Jan_Biro: Kina da gaskiya, 'yar'uwa, ba cewa na yi a ƙare da baƙin ciki ba. Sakamakon ya zama daidai girman duniyar labarin, kuma ya biyo ta hanyar da aka shimfiɗa. Mai zuba man nan na babi na 2 yana nan. Shi ne zai iya gaya wa wani mai motocin haya cewa ya san direban da ya ƙi lita bakwai ta banza. Aiki ne ƙarami, albashinsa bai kai wanda ya ƙi ba, amma daga halinsa ya tsiro.

Tawada_Baƙa: Ni babi-babi nake sakewa, kullum ɗaya. In na bar abu a rufe masu karatu sai su cika ni da tambaya, wasu har su yi fushi da tauraron. Shi ya sa nake sa ɗan sharhi a ƙarshen kowane babi.

Ɗan_Shafi: Su yi ta faɗa mana, ai shi ne alamar sun shiga. Ranar da suka yi shiru ne za ka damu.

Uwar_Babi: Wannan karon na yarda da kai. Sai dai mai sakin labari kullum yana da matsala ta gaske: abin da ya dasa a babi na 2 ya yi sati uku a baya, an manta. Maganinsa ba sharhi ba ne, maimaita abin ne. Littafin man ya riƙa leƙowa duk bayan babi biyu ko uku, layi ɗaya kawai, yana rubutu a ciki ko yarinyar ta zana wani abu a bangonsa. Amma kada ka bari wani ya ce littafin nan alamar gaskiyarsa ce. Da ka fassara shi ya mutu.

Gefen_Takarda: Na karanta duka, akwai abin da ba wanda ya taɓa. Kayan da aka ɓoye na wa ne? Idan kasuwanci ya karye akwai masu bin bashi. Idan maigidan ya ɓoye kaya don kada a biya su, to shirun direban taimakon zalunci ne, kuma mai karatu mai hankali zai lura ko marubucin bai lura ba. Sabon_Alƙalami, ka yanke wannan?

Sabon_Alƙalami: Gaskiya ban yanke ba. A raina maigidan mutumin kirki ne da ƙaddara ta faɗa wa, abokin cinikin kuma azzalumi.

Gefen_Takarda: To hanya biyu ce. Ko ka toshe ramin, ka nuna tun babi na 4 cewa kayan haƙƙin maigidan ne kuma takardun bogi ake so a ƙwace su da su. Labarin zai tsaya, sai dai zaɓin ya yi sauƙi, tsakanin fari da baƙi. Ko kuma ka buɗe ramin da gangan: cikin masu bin bashin akwai wata da mijinta ya rasu ya bar kuɗinsa a kasuwancin, kuma direban ya san ta, ya sha kai mata saƙo. Yanzu amana biyu ce ke karo, ba amana da kwaɗayi ba. Ni ta biyun zan ɗauka, domin a nan ne ba ka buƙatar kowa ya yi jawabi, yanayin da kansa yana matse mai karatu.

Jan_Biro: Ta biyun ta fi ƙarfi, amma tana da tsada. Sai an shigo da matar tun kafin tsakiyar littafi, aƙalla fitowa biyu, in ba haka ba za ta zama kayan aikin da aka jawo don a wahalar da tauraro. Kuma babi na 10 zai canza. Ƙin miƙa littafin ba zai isa ba. Wataƙila ya ƙi sayar da shi ga abokin cinikin, sannan ya shiga wurin maigidan ya ajiye shi a gabansa a buɗe, a shafin ranar, ya faɗi sunan matar, ya tsaya.

Mai_Faɗakarwa: Wannan na yarda da shi, domin gaya wa maigida gaskiya yana cikin riƙon amana. Amma har yanzu ina ganin jimla ɗaya a ƙarshe ba za ta kashe kowa ba.

Zubi_da_Tsari: Ni kuma ina tsoron ajiye littafin a buɗe zai yi kama da barazana, kamar yana cewa biya ta ko in fallasa. Sai dai in ya bar littafin a can ya fita hannu wofi, ya zama ya miƙa makamin gaba ɗaya.

Uwar_Babi: In ya bar shi, maigidan zai iya ƙonawa, matar ta tashi a tutar babu, kuma direban ya san haka. Ban tabbata mai karatu zai yafe masa ba.

Sabon_Alƙalami: Zan rubuta babi na 10 iri biyu, ɗaya ya bar littafin, ɗaya ya fita da shi, in ba mutum ukun nan ba tare da na gaya musu wanda na fi so ba. Tambaya ɗaya, Malam Jan_Biro: fitowar matar ta farko, a babi na 3 zan sa ta ko in bari sai albashi ya tsaya?

Jan_Biro: Babi na 3, tun ana cikin daɗi, lokacin da kai mata saƙo aiki ne kawai ba wanda zai kula. Kuma a rubuta tafiyar a littafin man, da kwanan wata, shafi ɗaya ko biyu kafin wurin da za a rubuta ranar ɓoye kayan.